Siket mai fileya: lissafin ƙugu da tsawo kafin almakashi ya taɓa yadi

Siket mai fileya, wanda ake yankawa da'ira, ba shi da tattara ko dat a ƙugu, amma ƙasansa a baje yake, yana zuba a jiki lumbu-lumbu. Ɗinkinsa ba shi da wuya. Inda ake tafka asara wajen yanka ne, domin almakashi in ya shiga yadi ba a mayar da shi. Abubuwa biyu ne ke yawan ɓaci: ko ƙugu ya fito ya yi wa mai shi yawa, ko a kai rabin aiki a tarar faɗin yadin bai kai tsawon da ake so ba. Dukansu ana iya gano su a takarda tun kafin a je kasuwa.

Lissafin ƙugu

Idan aka shimfiɗa siket mai cikakkiyar da'ira a ƙasa, kamar faifai yake da aka huda tsakiyarsa. Hudar ita ce ƙugu, bakin waje shi ne ƙasan siket. Abin da mai yanka ke buƙata shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakin hudar, wanda ake kira rediyos. Kewayen kowace da'ira ya ninka rediyos ɗinta sau 6.28, saboda haka in aka raba awon ƙugu da 6.28 an sami rediyos.

Mu ɗauki mace mai ƙugu inci 34, tana son siket mai tsawon inci 38 da zai kai mata idon sawu. Raba 34 da 6.28 ya ba da 5.4, wato wajen inci 5 da 3/8 a jikin tef. Idan rabin da'ira take so, wanda bai kai na farko bajewa ba, da 3.14 za a raba, a sami 10.8. Dalilin da ya sa rediyos ya ninka shi ne, a nan rabin kewayen da'ira kaɗai ne zai zagaye ƙugun gaba ɗaya, dole da'irar ta fi girma.

Wannan 5.4 layin ɗinki ne, wato inda za a haɗa siket da bel ɗin ƙugu. Layin yanka yana cikinsa da rabin inci, a kan 4.9, domin a bar abin kama ɗinki. Masu koyo da yawa suna yin akasin haka: sai su ƙara rabin incin a kan 5.4, a zatonsu sun bar rara ke nan. A cikakkiyar da'ira, duk rabin incin da aka ƙara wa rediyos yana ƙara wa ƙugu inci 3 da ɗoriya. Wanda ya yanka a kan 5.9, sannan ya kama rabin inci ya ɗinka a kan 6.4, ya mayar da ƙugun inci 34 ya zama inci 40. Hudar da ta yi ƙanƙanta ana iya ƙara mata da almakashi kaɗan kaɗan, wadda ta yi girma kuwa sai dai a tattare ta, kuma tattara tana kashe kwanciyar siket a ƙugu.

In da roba za a sa maimakon zif, lissafin ya sauya. Hudar dole ta wuce mazaunai, don haka da awonsu za a yi aiki. Mai mazaunai inci 42 a ƙara mata inci 2, a raba 44 da 6.28, a sami rediyos inci 7.

Faɗin yadi ne ke yanke tsawo

Bayan an sami rediyos, sai a haɗa shi da tsawon siket da rabin incin kalmasa. Ga matarmu: 5.4 da 38 da 0.5 sun tashi 43.9, a ce inci 44. Wannan shi ne nisa daga tsakiyar da'ira zuwa layin yankan ƙasa, kuma shi za a gwada da faɗin yadi.

Hanyar da aka fi koya wa masu farawa ita ce a ninka yadi gida huɗu, a auna daga kusurwar da ninkin ya haɗu, a yanka da'irar a falle ɗaya ba ɗinkin gefe. Wannan hanya rabin faɗin yadi kawai take ba mutum. Yadi mai faɗin inci 60, irin su kirif da shifon da yawa, rabinsa 30 ne. A cire 5.4 da rabin incin kalmasa, saura inci 24, siket iya gwiwa. Atamfa kuwa faɗinta wajen inci 45 ne, wata ta ɗan fi haka, rabinta 22 da rabi, abin da zai rage bai kai inci 17 ba. Wannan ya dace da yarinya mai ƙugu inci 22: rediyos ɗinta 3.5, siket ɗinta zai kai inci 18 da rabi. Ga babbar mace mai son dogon siket, ninkin gida huɗu bai da amfani ko a yadi mai faɗin 60.

Mafita ita ce a yanka rabin da'ira biyu, gaba da baya, a kwantar da miƙaƙƙen gefen kowanne a bakin yadi. Yanzu faɗin gaba ɗaya ne ke aiki. A atamfa mai inci 45, a cire rabin inci na ɗinkin gefe, da 5.4, da rabin incin kalmasa, saura inci 38 da rabi. Inci 38 ɗin da ake nema ya shiga, amma da ƙyar. Shi ya sa ake ɗora tef a auna faɗin atamfar da ke hannu, kada a dogara da abin da aka saba ji. A kuma duba bakin da aka buga sunan kamfani, domin in ba za a iya ɓoye shi cikin ɗinki ba, ya rage faɗin.

Kowane rabi yana cin 44 sau biyu a tsawon yadi, wato inci 88. Biyun inci 176, kusan yadi 5. Turmin atamfa yadi 6 ne, inci 216, saura inci 40 da guntayen kusurwoyi. Guntayen za su ba da bel ɗin ƙugu, amma wadda ke sa ran riga da ɗankwali daga wannan turmin gara a gaya mata gaskiya tun ranar da ta kawo ɗinki. Ana iya tsimi ta hanyar kwantar da rabi ɗaya a wannan bakin, ɗayan a wancan bakin, su ɗan shige juna. Hakan yana sauko da buƙata zuwa wajen inci 165 a yadi mai faɗin 45, da wajen inci 154 a mai faɗin 60. Sai dai zanen baya zai kife, saboda haka dabarar ta yadi marar zane ce, ko mai zanen da bai da sama da ƙasa.

Rabin da'ira na da nata tarkon. Mutane kan ɗauka tunda yadinta kaɗan ne za ta shiga kowane faɗi. A haɗa 10.8 da 38 da 0.5, an sami 49.3, ya wuce faɗin atamfa. Iyakar tsawon da inci 45 zai bayar a falle ɗaya inci 33 ne. A yadi mai faɗin 60 kuwa tana shiga har da rara, kuma inci 99 kawai take ci, yadi 2 da kwata uku. Wadda ta nace sai atamfa, a raba mata siket ɗin fallaye huɗu, kowanne a yanka shi daban, a bar rabin inci a gefunansa. Hakan ya fi a yi mahaɗi a ƙasa, domin mahaɗin tsakiyar gaba zai faɗa, inda ido ke fara sauka.

A kan teburin yanka

A goge yadin, a yanko inci 89, a ninka shi biyu ta tsawo yadda bakin yadi zai hau kan bakinsa. A kan ninkin, a shigo da rabin inci daga bakin yadi a ɗiga alli. Wannan ɗigo shi ne tsakiyar da'ira, kuma daga nan duk awo zai tashi. A danne kan tef a wurin da fil ko da yatsa, a riƙa juya shi ana ɗiga alama a kan 4.9, sannan a kan 44, duk bayan kamar inci 3, a haɗa ɗigogin su zama baka. Zare ba ya maye gurbin tef a nan, domin yana miƙewa in an ja shi, da'irar ta fito a karkace. A fara yanka bakan ƙasa, a bar na ƙugu a ƙarshe, sannan a ɗora wannan falle a kan sauran yadin a fitar da na biyu.

Da zarar an yanka ƙugu, a bi shi da ɗinki layi ɗaya ɗan ciki da layin haɗi kafin a ɗaga shi a yi ta juyawa. Wani sashe na hudar a karkace ya ratsa zaren saƙa, kuma yadi ta nan yake miƙewa. Ƙugun da ya fito daidai zai iya buɗewa a hannu kawai in ba a kama shi ba. Bayan nan a haɗa gefe, a sa zif mai inci 8 a hagu, a ɗora bel.

Ƙasan siket

Ba a kalmasa a ranar. A rataye siket ɗin ta bel ya kwana ya wuni. Tsakiyar gaba, tsakiyar baya da gefuna biyu suna bin zaren saƙa, ba sa sauka sosai, amma wurare huɗun da ke tsakaninsu za su zazzago, ƙasan ya zama wani wuri dogo wani gajere. Shifon da kirif sun fi atamfa yin haka nesa ba kusa ba. Mai siket ta sa shi da takalmin da za ta riƙa sawa, ta tsaya cak, a auna daga ƙasa da rula ana zagayawa da alli, a datse abin da ya sauko. Kalmasar ta zama siririya, kwatan inci sau biyu. Mai faɗi ba ta kwanciya a baka, saboda bakin da ake naɗowa ya fi inda zai kwanta tsawo, sai ta yi ta cukurkuɗewa.

Wadda za ta sa leshi ko ribon a ƙasa ta san kewayen tun da wuri. A haɗa rediyos da tsawo, 5.4 da 38, a ninka 43.4 da 6.28: kusan inci 273, yadi 7 da rabi da ɗoriya, saboda haka yadi 8 za a saya. A rabin da'ira, 48.8 sau 3.14 ya ba da inci 153, yadi 4 da kwata. Wannan tsawon duk sai ya bi ta ƙarƙashin allura, don haka tela ya sa shi cikin kuɗin aikinsa.

Kafin ki biya kuɗin yadi, ki rubuta rediyos da tsawo da rabin incin kalmasa, ki haɗa su, ki tafi kasuwa da tef ɗinki ki auna faɗin da kanki. In jimillar ta fi faɗin, ki sauya yadi, ko ki rage tsawo, ko ki shirya yanka fallaye.