Zaɓen Firam ɗin Tabarau Daga Hoton Fuska

Siffar fuskar da ake gani a hoto ta dogara ne da nisan da aka ɗauke shi, domin hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya a tazarar santimita 30 yakan ƙara wa hanci girma da kusan kashi 30 cikin ɗari, ya kuma sa gefunan fuska su tsuke. Saboda haka hoton da ya cancanci a yi awo da shi shi ne wanda wani ya ɗauka daga nisan mita ɗaya da rabi, kyamara daidai da idanu, kai a miƙe, bayan an ture hula ko ɗankwali baya har goshi ya fito sarai.

A kan hoton ana kwatanta tsawon fuska, daga matsirar gashi zuwa haɓa, da faɗinta a wurin ƙasusuwan kunci, sannan a duba ko muƙamuƙi yana da kusurwa ko kuwa a lanƙwashe yake. Ƙa'idar da masu sayar da tabarau suke bi ita ce firam, wato abin da ke riƙe gilasan, ya saɓa wa siffar fuska: zagayayyiyar fuska ta samu mai kusurwa, mai faffaɗan muƙamuƙi ya samu mai zagaye, doguwar fuska kuma ta samu mai zurfi daga sama zuwa ƙasa. Wannan ƙa'ida ta ado ce kawai, kuma girman firam ya fi siffarsa tasiri.

A ɗauki mutumin da ya ɗora katin cirar kuɗi a goshinsa lokacin ɗaukar hoto. Tun da faɗin katin milimita 85.6 ne, ana iya auna fuskar da shi, a ce faɗinta ya kai milimita 140, tsawonta 160, haɓarta kuma ba ta da tsini. Wannan fuska ta karkata ga zagaye, don haka firam mai kusurwa huɗu wanda faɗinsa ya fi zurfinsa zai dace da ita. Idan an rubuta `52□18 140` a cikin hannun firam, ana nufin faɗin kowane gilashi 52, tazarar da ke kan hanci 18, tsawon hannu 140. Gilasai biyu da tazarar sun ba da 122, idan aka ƙara gefuna biyu inda hannaye suke haɗuwa sai jimilla ta kusanci faɗin fuskar. Alamar kuskure ita ce ƙwayar ido ta kauce daga tsakiyar gilashi, ko hannaye su buɗe waje suna matse gefen kai.

Abin da hoton gaba ba ya nunawa shi ne tudun karan hanci. Mai kwantaccen karan hanci yakan ga firam ɗin roba yana zamewa har ya zauna a kan kumatu, shi ya sa firam mai 'yan matasan hanci da ake iya lanƙwasawa ya fi masa. Haka nan wanda ba ya ganin nesa sosai, gilashinsa yana yin kauri ne a gefe, don haka ƙaramin firam ya fi masa sauƙin nauyi, ko da siffar fuskarsa ta nemi babba.