Yadda Ake Sa Ƙafar Jarumin Wasan Bidiyo Ta Taka Ƙasa Daidai

Duk wanda ya daɗe yana buga wasannin bidiyo ya taɓa ganin wannan abu: jarumi ya tsaya a gefen tudu, ƙafarsa ɗaya ta nutse cikin ƙasa har idon sawu, ɗayar kuwa tana shawagi a iska. Ko da an zana fuskarsa da tufafinsa kamar ka kira shi ya amsa, da zarar ido ya sauka kan waɗannan ƙafafu sai zuciya ta daina yarda da shi. Maganin wannan aibi wani lissafi ne da masu ƙera wasanni ke gani a manhajojinsu da haruffa biyu, `IK`. Lissafin bai da tsawo, kuma mai ilimin sakandare zai iya bin sa daga farko har ƙarshe.

Inda matsalar ta samo asali

A cikin kowane jarumin wasa akwai ƙwarangwal da ba a gani. Ƙafarsa sarƙa ce ta gaɓoɓi uku: ƙugu, gwiwa da idon sawu, sai ƙashin cinya da na ƙwauri da suka haɗa su. Idan mai tsara motsi zai yi tafiya ko gudu, yakan ajiye kusurwar kowace gaɓa a kowane lokaci: cinya ta ɗaga kaza, gwiwa ta lanƙwashe kaza. Kwamfuta ta fara daga ƙugu ta gangaro, inda tafin ƙafa ya faɗa nan ya faɗa. Wannan hanya tana da kyau, sai dai an tsara motsin ne a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ko an ɗauko shi daga jikin mutum yana tafiya a daɓen ɗakin ɗaukar hoto.

Abu na biyu shi ne, wasan ba ya kallon ƙafafun jarumin idan yana lissafin inda yake tsaye. Yawanci yakan lulluɓe jikin gaba ɗaya da wata siffa mai sauƙi, doguwa mai kan ƙwai sama da ƙasa, ita ce ke taɓa ƙasa a wuri guda. Don haka wasan ya san tsayin ƙasa ɗaya tak, alhali ƙafafu biyu ne, kowace da abin da ke ƙarƙashinta.

Lissafin `IK` juya tambayar yake yi. Maimakon a ce ga kusurwoyi, ina ƙafa za ta faɗa, sai a ce ga inda ƙafa za ta taka, waɗanne kusurwoyi ne za su kai ta can. Manomin da ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan kunya, ɗaya a cikin kwari, haka jikinsa yake yi ba tare da ya yi tunani ba: ƙugu ya ɗan sauka, ƙafar kwari ta miƙe, ta kan kunya ta lanƙwashe. Wasan Ico na shekarar 2001 da Shadow of the Colossus na 2005, waɗanda Fumito Ueda ya jagoranta a Japan, suna cikin waɗanda suka yi suna wajen sa gaɓoɓin jarumi su bi abin da suke taɓawa.

Matakan aikin

Ana maimaita aikin a kowane hoton da wasan ya zana, sau 30 ko 60 a daƙiƙa, kuma jerin matakan yana da muhimmanci. Da farko a bar motsin asali ya gudana yadda aka tsara shi. Sai a auna ƙasa: daga wani wuri sama da kowace ƙafa, misali rabin mita, a harba layin awo miƙe zuwa ƙasa. A manhajar Unity umarnin shi ne `Physics.Raycast`. Layin yana dawowa da labari biyu, wato tsayin wurin da ya buga da kuma inda fuskar ƙasar ta karkata. Bayan haka a gyara tsayin ƙugu, a warware kusurwoyin kowace ƙafa, a ƙarshe a juya tafin ƙafa ya kwanta a kan gangaren.

Misali da lambobi

A ɗauki jarumi mai cinya santimita 45 da ƙwauri santimita 45. Ƙafarsa idan ta miƙe sarai ba ta wuce 90. A tsayuwarsa ta asali, tazarar ƙugu zuwa idon sawu 88 ce, domin mutum ba ya tsayawa da gwiwa a sandare. Yanzu ya tsaya a wuri mai duwatsu. Layin awo ya nuna dutsen da ke ƙarƙashin ƙafar hagu ya fi matakin da wasan ya sani tsayi da santimita 12, ƙarƙashin ta dama kuwa akwai rami mai zurfin santimita 8.

Ƙafar dama tana bukatar ta kai 88 da 8, wato 96, ita kuwa iyakarta 90. Babu kusurwar da za ta ƙara wa ƙashi tsawo. Shi ya sa ake fara saukar da ƙugu, kuma ƙa'idar ita ce a bi ƙafar da ta fi ƙasa. An sauke ƙugu da santimita 8, ƙafar dama ta koma tazararta ta 88 ta taka cikin ramin. Ta hagu kuwa an matse ta daga sama da 8, daga ƙasa da 12, saura 68.

A nan ne lissafin ke shigowa. Cinya, ƙwauri da tazarar ƙugu zuwa idon sawu sun yi alwatika wadda aka san tsawon ɓangarorinta uku. Idan aka san ɓangarori uku, kusurwoyi ba su da wurin ɓuya. Dokar da ke fito da su tsohuwa ce. Littattafan lissafi na Faransanci suna kiranta da sunan Al-Kashi, masanin da ya yi aiki a Samarkand a ƙarni na 15. Idan `a` cinya ce, `b` ƙwauri, `d` tazara, `K` kuma kusurwar gwiwa:

```
cos K = (a² + b² − d²) / (2ab)
```

A ƙafar hagu, 45 sau 45 ya ba da 2025. Biyunsu 4050, a cire 68 sau 68, wato 4624, a raba da 4050. Amsar ta nuna gwiwa a kan digiri 98. A tsayuwar asali, mai tazarar 88, tana kan digiri 156. Da yake ƙasusuwan biyu tsawonsu ɗaya, abin da ya rage daga 180 sai a raba shi biyu: cinya ta ɗaga digiri 41 daga miƙaƙƙen layi, maimakon 12 na da. Gwiwar da a da ta fito gaba da kimanin santimita 9, yanzu ta fito kusan 30. Abin da mai kallo zai gani shi ne mutum ya ɗora ƙafa a kan dutse.

Saura tambaya ɗaya da dokar ba ta amsa ba: wane ɓangare gwiwar za ta fuskanta? Alwatikar tana iya juyawa a kan layin ƙugu da idon sawu, gwiwa ta kalli gaba, gefe ko ma baya, kuma duk lissafin ya fita daidai. Don haka ake ajiye wata alama a gaban jarumi, a ce gwiwa ta riƙa kallonta. A Unity ana yin haka da `SetIKHintPosition`, a Unreal kuwa akwai `Joint Target` a cikin `Two Bone IK`. Mafi aminci shi ne a ɗauko alƙiblar daga inda gwiwar take a motsin asali.

Yadda ake gane inda aka yi kuskure

Kowane kuskure yana da alamarsa. Idan ƙafafu biyu sun nutse daidai wa daida, ko a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, to an ɗora idon sawu ne a wurin da layin awo ya buga. Idon sawu yana sama da tafin ƙafa da kusan santimita 8 zuwa 10, dole a ƙara wannan. Idan kuma ƙafa tana ta hawa sama da kanta, layin awo ne ke bugun jikin jarumin maimakon ƙasa, sai a umarce shi ya tsallake jikin.

Idan gwiwa tana fizga kamar an harbe ta, matsalar tana kusa da miƙewa sarai, kuma lambobinmu sun nuna dalili. Daga tazarar 68 zuwa 70, gwiwa tana motsa digiri 4 kacal. Amma daga 88 zuwa 90, santimita biyun nan dai, tana tsalle daga 156 zuwa 180, digiri 24. Ɗan ƙaramin canji a ƙasa ya zama babban motsi a gwiwa. Maganin shi ne a hana tazarar kaiwa iyaka, a tsayar da ita ɗan ƙasa da 90. Wannan yana kare wani haɗari kuma: idan tazara ta wuce jimillar ƙasusuwan, dokar ba ta da amsa, kuma ƙafar tana iya murɗewa ko ta ɓace daga allo.

Idan jarumi yana jan ƙafa a ƙasa lokacin tafiya, an manna ƙafar ne da ƙasa a kowane lokaci, har da sa'ilin da ya kamata ta kasance a iska. Mafita biyu ce. Ko dai a ba gyaran nauyi tsakanin 0 da 1, ya cika idan ƙafa ta taka, ya ragu idan ta ɗaga. Ko kuma a ɗauki bambancin tsayin ƙasa a ƙara shi a kan tsayin da motsin asali ya ba ƙafar, ta yadda ɗagawar ba ta ɓacewa.

Matakala ita ce babban gwaji. A bakin kowane mataki, layin awo yana sauya amsa farat ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, ƙafa da ƙugu su yi tsalle. Don haka ba a karɓar sabon tsayi nan take, ana kai ƙafa gare shi a hankali cikin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Idan aka yi jinkiri fiye da kima kuma, sai a ga ƙafa ta shiga cikin matakin kafin ta fito. Layi ɗaya a ƙarƙashin idon sawu ba ya ganin yatsu, shi ya sa wasu ke harba biyu, ɗaya a diddige ɗaya a yatsu. Juyawar tafin ƙafa ma ana yi mata iyaka, misali digiri 30, kada gefen dutse mai tsini ya karya idon sawun jarumi.

Iyakar wannan dabara

Wannan lissafi gyara ne a kan motsin da ke akwai, ba ya ƙirƙirar sabo. Bai san nauyi ba, bai san gajiya ba. Mai hawan tudu yana rage faɗin takunsa, ya sunkuyo gaba. Mai gangarowa yana jingina baya yana taka birki da diddige. Duk wannan ba ya cikin alwatikarmu. Idan bambancin tsayi ya yi yawa, sai ka ga jarumi ya tsuguna ba dalili don kawai ƙafa ɗaya ta kai ƙasa. Shi ya sa ake sa wa saukar ƙugu iyaka, kuma idan layin awo bai sami ƙasa kusa ba, kamar a bakin rami mai zurfi, a kashe gyaran a bar ƙafa ta bi motsin asali. Tudu mai tsauri yana bukatar motsin hawa na kansa, lissafin kuwa ya cike ragowar santimitocin.

Mai son ya gwada da hannunsa ya gina fili mai abu uku: gangare mai laushi, matakala, da dutse guda. Ya sa manhajar ta zana layukan awo a fili, ya rage saurin wasan, ya tsayar da jarumi da ƙafa ɗaya a bakin mataki. Mafi yawan kurakuran da aka lissafa a sama za su bayyana a wannan ɗan fili, kowane da alamarsa, kafin a kai jarumin cikin wasan gaske.