Tace Bayanin Shaida Daga Kundin Shari'a

Idan lauya ya yi wa shaida tambayoyin ƙure a kotu, kundin da magatakarda ya rubuta kan kai ɗaruruwan shafuka. Shaida kuwa ba ya magana a jere. Batun kuɗi na iya fitowa da safe, ya ɓace, sai bayan azahar ya dawo. Don haka mai tace kundin yake tattara bayanin batu-batu, kowanne da shafinsa da layinsa.

A ce rikicin gona ne. Ƙarƙashin batun ranar ciniki sai ya rubuta: shafi na 14, layi na 6 zuwa 9, shaida ya ce da damina aka biya kuɗin, shafi na 52, layi na 3, ya ce bayan girbi ne. Da maganganun biyu suka zauna kusa da juna, lauya ya ga bakin shaida ya zama biyu, ba sai ya kwana yana laluben takarda ba.

Inda ake yin ɓarna shi ne gyara maganar shaida. In ya ce "ina jin da damina ne", kada a mai da ita tabbaci, domin a wannan shakkar lauya zai kafa hujjarsa. A kuma haɗa amsa da tambayarta, don "e" ita kaɗai ba ta nuna komai. Kafin ka miƙa aikin, koma kundin ka tabbatar da kowace lamba.