Me ya sa Outlook ke daskarewa da safe?

Na san wata akanta a wani ofishi da in ta iso da safe sai ta danna Outlook, manhajar wasiƙu ta kamfanin Microsoft, ta tashi ta tafi haɗa shayi. Ko da za ta dawo, allon ya yi fari-fari kamar hazo ya sauka, can sama an rubuta Not Responding. Ta ɗora laifin kan intanet, sannan kan kwamfutar, har ta fara roƙon a sayo mata sabuwa. Abin ya dame ni, domin kwamfutar lafiyarta ƙalau. Kaya ne aka labta wa manhajar, kuma iri biyu ne.

Na farko shi ne ƙananan manhajojin da ke maƙale wa Outlook, waɗanda a allo ake kira Add-ins. Manhajar taron bidiyo takan saka nata, mai kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta ya saka nasa, haka mai buɗe takardun PDF, galibi ba tare da mutum ya lura ba. Duk lokacin da Outlook zai tashi, sai ya jira kowannensu ya shirya, kamar direban da ba zai ja mota ba sai fasinjan ƙarshe ya gama sallama.

Gane ko su ne masu laifi ba wuya. A rufe Outlook, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta wannan:

```
outlook.exe /safe
```

Wannan yana tayar da manhajar ba tare da 'yan maƙalen ba. In ta buɗe nan take, an kama ɓarawo. Sai a shiga File, a zaɓi Options, sannan Add-ins, a danna Go kusa da COM Add-ins, a cire alamar da ke gaban dukkansu. Daga nan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ana rufewa ana buɗewa, har a ga wanda ke jawo tsaikon. Aikin na bukatar haƙuri, amma yana nuna mai laifin da sunansa. A kwamfutar akantar nan guda tara muka tarar, biyu kacal take amfani da su.

Sauƙi ya samu, amma bai gama ba, sai muka koma kan kaya na biyu. Outlook yana ajiye kwafin akwatin wasiƙunka a cikin kwamfutar, a fayil guda mai ƙarewa da .ost, wanda ke zaune a nan:

```
%localappdata%\Microsoft\Outlook
```

Nata ya haura gigabait 30: wasiƙun shekara da shekaru, kowace da rasit ko hoton takarda a manne. Ita kanta Microsoft ta bayyana cewa fayil da bai wuce gigabait 5 ba yana tafiya lafiya a yawancin kwamfutoci, daga 10 ake fara jin ɗan tsaiko, daga 25 kuwa tsaikon ya yawaita. Iyakar da aka sa masa tun daga Outlook 2010 gigabait 50 ce. Kwamfuta mai tsohon faifai mai juyawa ta fi jin jiki fiye da mai SSD.

Ba sai an goge wasiƙa ko ɗaya ba. Mai akwatin Exchange ko Microsoft 365 zai shiga File, Account Settings, ya zaɓi adireshinsa, ya danna Change. Zai ga wani ma'auni da ake ja hagu ko dama, wanda ke ƙayyade wasiƙun wata nawa za a riƙe a kwamfutar. Nata yana kan All, wato komai da komai. Muka mayar da shi wata 6. Tsofaffin wasiƙun suna nan a uwar garke, ana samunsu in akwai intanet. Fayil ɗin ba ya ramewa nan take. A saitunan fayil ɗin akwai Compact Now mai matse shi, kuma gara a bar shi ya yi aikinsa bayan an tashi daga ofis.

Inda nake jan kunne shi ne shawarar da ake yawan bayarwa cewa a goge fayil ɗin kawai, zai sake gina kansa. Ga .ost na Exchange haka ne, sai dai zai sake sauko da komai, kuma mai sayen data da kuɗinsa zai ji a aljihu. In akwatin IMAP ne, duk jakar da aka rubuta wa This computer only za ta tafi har abada. In kuwa fayil ɗin .pst ne, wataƙila shi kaɗai ne kwafin wasiƙun da ya rage a duniya. A duba ƙarshen sunan tukuna, a kwafe shi zuwa wani faifai, kafin a taɓa komai.