Karammiski ba ya son a danne shi

Kwana biyu kafin bikin ƙanwata, aka kawo mata siket ɗinta na karammiski daga wajen tela, jan garura mai yanki shida. A cikin ɗaki ba mu ga komai ba. Da ta fito tsakar gida hasken rana ya sauka a kansa, sai ga yanki huɗu sun yi ja mai duhu, biyu kuma sun yi fari-fari kamar an ciro su daga wani bandir. Innarmu ta ce ai tela ya cinye yadi ya cike da wani. Bai ci ko taƙi ɗaya ba. Yadin ɗaya ne, rinin ma ɗaya, yanki biyun nan juya su kawai ya yi, kai ya koma ƙasa.

Don a gane yadda juyawa take sauya launi, sai a dubi yadda ake saƙa shi. Atamfa da shadda zare biyu ne, na tsaye da na kwance, suna ratsa juna. Karammiski yana da na uku. A masaƙa ana saƙa yadi biyu lokaci guda, ɗaya sama ɗaya ƙasa, zaren na uku yana hawa yana sauka yana ɗaure su, sannan wuƙa ta bi ta tsakiya ta raba su. Guntayen zaren da wuƙar ta bari tsaye a fuskar kowane yadi su ne gashin nan mai laushi da hannu yake ji. Shi kuwa kodiroyi, yadin wandunan nan masu layi-layi da ake wawaso a gwanjo da hunturu ya kama, zaren kwance ne ake ƙarawa a bar shi yana tsallake wasu zaruruwa a jere, a yanka tsallaken, a taje shi ya miƙe. Shi ya sa yake fitowa kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, gashi a kan kunya, kwari babu komai. Ana ƙirga kunyoyin a inci ɗaya: na yau da kullum wajen 11, mai ƙananan layi 16 zuwa sama, mai manyan layi 8 ko ƙasa da haka.

Gashin nan ba ya tsayawa cak. Wajen gama aikin yadin ana taje shi ya ɗan karkata gefe guda, kamar gashin bayan kyanwa. Shafa shi da tafin hannu a tsawonsa: ta wani ɓangaren hannu zai sulale, ta ɗayan kuma za a ji yana turjiya, launin yana ƙara duhu a inda hannu ya bi. Idan gashin ya kwanta yana kallon ƙasa, ido gefen zaren yake gani, gefen zare kuwa santsi gare shi, yana maido da haske, sai yadin ya yi sheƙi launinsa ya yi sauƙi. Idan yana kallon sama, ido yana leƙawa ne cikin bakin zaren da aka yanka da ramukan da ke tsakaninsu, haske ya shiga ya ɓace, launi ya yi zurfi. Abin da muka gani a tsakar gida ke nan.

Daga baya na zauna da telan muka yi lissafi, na kuma ga abin da ya ja shi. Faɗin yadin inci 45 ne. Kowane yankin siket tsawonsa inci 42, samansa inci 7, ƙasansa inci 18. A atamfar da ba ta da sama da ƙasa, tela yakan jera su kai da ƙafa: 18 da 7 da 18 sun ba da 43, yanki uku sun shiga layi ɗaya, layi biyu sun gama siket da yadi biyu da sulusi. Idan kuwa duk za su kalli gefe guda, biyu ne kaɗai za su shiga layi, sai an yi layi uku, wato yadi uku da rabi. Mu yadi uku muka kai masa. Maimakon ya ce a ƙaro, sai ya yi dabarar da ya saba, ta tsakiya a kowane layi ta juye. A ganina laifin rabawa za a yi, domin mai sayen karammiski ya kamata ya san yana cin yadi fiye da sauran, tela kuma ya kamata ya zana kibiya da alli a bayan yadin kafin almakashi ya taɓa shi, kowane yanki har hannun riga da wuya su bi kibiyar. Ko sama za ta kalla ko ƙasa, wannan zaɓi ne. Rigar biki da ake son launinta ya cika, gashi ya kalli sama. Wando ko siket na yawan sawa, wanda za a zauna a kansa a tashi, gashi ya kalli ƙasa ya fi daɗewa, don zama da shafar hannu suna bin kwanciyarsa ne ba sa karya shi. Wanda aka riga aka ɗinka a juye kuwa babu wanki ko guga da zai gyara shi, sai an farke an sake yanka.

Tabon da ke fitowa bayan an daɗe a zaune, ko layin da ninki ya bari, shi ma wannan al'amarin ne. Ba datti ba ne, rini kuma bai zuba ba. Gashin wurin ne ya kwanta ta wata fuska daban da na kewayensa, yana maido da haske daban. Nauyi kaɗai yakan kwantar da shi na ɗan lokaci. Abin da ke sa ya zauna a kwance shi ne idan nauyi ya haɗu da danshi ko zafi: gumi a kujerar mota, kayan da aka ninke da sauran laima aka danna a ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa goma, uwa-uba dutsen guga.

Ko zai tashi ko ba zai tashi ba, ya danganta da irin zaren. Auduga, wadda ita ce yawancin kodiroyi, tana laushi da danshi ta karɓi sabon tsayi, don haka tana yafiya. Foliyesta, wadda ta cika kasuwa yanzu, ba ta damu da ruwa ba kuma tana da wuyar kwanciya, amma danginta ɗaya da roba: zafi ya wuce kima bakin gashin ya narke ya manne, shi ke nan har abada. Rayon da asitet su ne masu wuyar sha'ani. Rayon yana rasa ƙarfinsa sosai idan ya jiƙe, ɗigon ruwa ma yakan bar masa zobe, asitet kuma ba ya jure zafi, ruwan goge jan farce ma narkar da shi yake yi. Yawancin abin da ake kira karammiskin siliki, bayansa ne kawai siliki, gashinsa rayon ne.

Idan babu takardar bayani a jikin tufar, a yanko ɗan ƙyalle daga rarar ɗinki a kusantar da shi ga ashana a kan faranti. Auduga da rayon suna ci da wuta kamar takarda su bar toka mai laushi. Foliyesta tana tsukewa ta narke ta bar ɗan dunƙule mai tauri. Siliki warin ƙonannen gashi yake yi. A wani ƙyallen kuma a ɗiga ruwa a bar shi ya bushe. Idan ya bar shaida, wannan yadi ba na bahon wanki ba ne, a kai shi wurin masu wankin zamani da ba sa amfani da ruwa.

Wanda ya ci jarrabawar ruwa, wato kodiroyin auduga da karammiskin foliyesta, ga yadda nake yi masa. Ina juya shi ciki ya koma waje, in ja zif in rufe, in sa shi a ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da bai wuce digiri 30 ba, da sabulu kaɗan da ya riga ya narke. Ba na haɗa shi da tawul ko wani abu mai zubar da zare, don gashin yana kwashe ɓurɓushi, baƙin wando ya fito kamar an yi masa barbaɗen gari. Ana dulmiya shi ne ana ɗagowa, ba a cuɗa shi, kuma ba a murɗe shi wajen matsewa, saboda kowace murɗa layi ce da za ta bushe a jikinsa. A ɗaga shi ruwan ya tsiyaye, a kakkaɓe, a rataye a hanga a inuwa. Kada a ratsa shi a kan igiya, igiyar za ta bar zanenta. Idan ya kusa bushewa a juyo fuskarsa a bi shi da buroshi mai laushi ta inda gashin yake kwanciya. Sitaci da bugu kuwa na shadda ne. Abin da ke fito da ƙyallin shadda shi ne daidai abin da ke kashe karammiski.

Gyaran wanda ya kwanta aikin tururi ne. A rataye tufar a juye, a tafasa ruwa a butar shayi, a riƙa wucewa da bayan yadin ta gaban tururin da tazarar kamar faɗin tafin hannu, yadda tururi zai ratsa ya fita ta fuskar ba tare da ɗigon ruwa ya sauka ba. Bayan 'yan daƙiƙoƙi a juyo, a tayar da gashin da buroshi a hankali ta inda yake turjiya, sannan a mayar da shi yadda ya saba kwanciya. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne haƙurin ƙarshe: kada a taɓa shi, kada a sa shi, sai ya huce ya bushe sarai, domin yatsa ɗaya a kan gashi mai ɗumi da danshi sabon tabo ne. Tsohon ninki yakan so a maimaita sau biyu ko uku.

Mai dutsen guga na lantarki mai fitar da tururi zai iya kifa yadin a kan tawul mai kauri, ko a kan wani guntun karammiski gashi ya fuskanci gashi, ya riƙe dutsen sama da bayansa kamar rabin inci yana sakin tururi, nauyinsa bai sauka ba. Manyan teloli suna da wani allo mai ƙananan allurai a tsaye da ake kifa yadin a kai, gashin ya shige tsakaninsu. Dutsen gawayi kuwa zafi ne da nauyi babu tururi, don haka idan za a ba mai wanki da guga kaya, a ware karammiskin tun a gida.

Akwai inda tururi ba ya kaiwa. Idan bayan an tura shi sau uku wurin yana nan da ƙyalli kamar gilashi, kuma farce ya ji shi da tauri, ya narke ne. Idan an buɗa gashin aka ga saƙar ƙasa a fili, kamar yadda gwiwa da tsakanin cinyoyin wandon kodiroyi suke yi, gashin ya zube ne, babu abin da za a tayar. A nan sai dai tela ya rufe wurin da aiki ko ya sauya yankin.

Siket ɗin ƙanwata, washegari da sassafe muka koma kasuwa muka sami ragowar bandir ɗin, muka sayi yadi ɗaya da kwata. Telan ya shafa shi da hannu, ya zana kibiya a bayansa, ya yanka biyun da suka rage, ya kwana yana farka da ɗinki. Yanzu yana rataye a hanga cikin tsohon zanen gado, ba a taɓa ninke shi ba.