Me Ya Sa Asarar Kwana Goma Ba Ta Ninka Ta Kwana Ɗaya Sau Goma?

Da ƙarfe huɗu da kwata na kowace yamma, shugaban bankin J.P. Morgan na wancan lokacin, Dennis Weatherstone, ya kasance yana karɓar takarda mai faɗa masa nawa bankin zai iya asara kafin gobe. A 1994 bankin ya fitar da tsarin ga jama'a da sunan RiskMetrics, kuma awon da ake kira VaR ya bazu. Abin da VaR ke faɗa shi ne: cikin kwana ɗari, a casa'in da tara asara ba za ta wuce kaza ba.

A ɗauka wani manajan asusu yana riƙe da dala miliyan 10. Miliyan 6 hannun jari ne, wanda kai-komon farashinsa na yini ya kai kashi 1.5 cikin ɗari, wato dala 90,000. Sauran miliyan 4 takardun lamuni ne masu natsuwa, kashi 0.5 kawai, wato dala 20,000. Mai gaggawa zai tara su ya ce 110,000, amma kadarorin biyu ba kullum suke faɗuwa tare ba. In alaƙar motsinsu 0.2 ce, sai a ninka kowace lamba da kanta, a ƙara kason alaƙar:

```
90² + 20² + (2 × 0.2 × 90 × 20) = 9,220
√9,220 ≈ 96
```

Kai-komon asusun na yini ya zama dala 96,000. Wannan hanyar tana ɗauka cewa riba da asara suna bin zanen nan mai siffar ƙararrawa, inda yawancin ranaku ke cunkushe a tsakiya. A wannan zanen, iyakar kashi 99 tana nisan kai-komo 2.33 daga tsakiya. Da an ninka, VaR na yini ɗaya ya kusa dala 224,000.

Sai dai a 1996 Kwamitin Basel mai tsara wa bankuna ƙa'idoji ya buƙaci su auna kwana goma na aiki, ya kuma yarje musu su faɗaɗa lambar yini ɗaya da √10, wato kusan 3.16, lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da goma. Ga manajan nan, amsar ta zama kusan dala 707,000, ba miliyan biyu da ɗoriya ba.

Dalilin yana cikin tafiyar farashi. Ya yi kama da akuyar da ta tsinke igiya tana kiwo: taku biyu gabas, ɗaya yamma, ta tsaya, ta juyo. Bayan taku goma da wuya a same ta nisan taku goma daga turke, domin wasu takun sun cinye wasu. In motsin yau bai san da na jiya ba, abin da ke taruwa kwana bayan kwana shi ne kai-komon da aka ninka da kansa. Na kwana goma ya ninka na yini sau goma, in aka mayar da shi ma'aunin kuɗi sai a samu 3.16.

To, duk ginin yana kan wannan "in" ɗin. Kasuwa takan riƙe ƙullin jiya. A kasuwar hannun jari ta Najeriya, alal misali, farashin kamfani ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa a yini guda, don haka mummunan labari yakan kwana, faɗuwar ta ci gaba washegari. In alaƙar motsin yau da na jiya ta kai 0.2, kuma tana raguwa a hankali zuwa kwanakin baya, abin ninkawar yakan tashi daga 3.16 zuwa kusan 3.8. Asarar manajan ta koma wajen dala 848,000. Ƙa'idar ta ɓoye masa fiye da 140,000.

Akwai kuma tsallen da zanen ƙararrawa bai san da shi ba. Naira ta yi watanni kusan a daskare a kasuwar hukuma, sai Babban Banki ya sake ta a watan Yunin 2023 ta zube cikin yini ɗaya. Wanda ya auna kai-komon watannin baya ya ninka da 3.16, ƙaramar lamba kawai ya ƙara wa tsawo.

Ana gane ɓarakar ta hanyar ƙirga. A kwanakin aiki 250, ana sa ran asara ta tsallake VaR na yini sau biyu ko uku. Basel ta ɗauki huɗu zuwa ƙasa a matsayin lafiya, biyar zuwa tara abin tuhuma, goma zuwa sama kuwa jan layi. In tsallakewar ta zo a jere cikin mako ɗaya, ko da adadin bai yi yawa ba, kwanakin ba su rabu da juna ba, kuma bai kamata a amince da 3.16 ba. A 2016 kwamitin ya fitar da sabon tsari da ya koma auna matsakaicin asarar da ke bayan iyakar, a kan kashi 97.5.