Yadda Ake Raba Riba 3:2

Mu ɗauka abokai biyu a Dogon Daji sun haɗa jari sun sari albasa. Ɗaya ya zuba N90,000, ɗayan N60,000. Bayan an cire kuɗin mota da na dako, riba ta tashi N40,000.

In muka raba kowane jari da 30,000, za mu sami 3 da 2, wato 3:2. A nan yawancinmu kan yi tuntuɓe, mu raba ribar gida biyu. A'a, kason za mu fara haɗawa: 3 + 2 = 5.

Kaso ɗaya: 40,000 ÷ 5 = N8,000.

Mai kaso uku: 3 × 8,000 = N24,000.

Mai kaso biyu: 2 × 8,000 = N16,000.

Mu haɗa su mu gani: N40,000 cif. Da raba-daidai aka yi, da an ƙwari mai babban jari N4,000.